Tambayoyi da Amsoshi Kan Faɗuwar Darajar Kadara da Gudwil

Me ake nufi idan aka ce darajar kadara ta faɗi?

Kowace kadara da kamfani ya mallaka, inji ne ko gini ko lasisi, tana da adadin da aka rubuta mata a littafin lissafi. Wannan adadi shi ne darajar littafi: kuɗin da aka saye ta, a cire abin da aka riga aka zaftare saboda tsufa. A gefe guda kuma akwai abin da kamfanin zai iya fanshewa daga kadarar, ko dai ya sayar da ita, ko ya ci gaba da aiki da ita tana kawo kuɗi. Idan darajar littafi ta zarce abin da za a iya fanshewa, to littafin yana faɗin abin da babu shi. Dole a sauke adadin ya dawo daidai da abin da za a iya fanshewa, gibin da ke tsakani kuma a rubuta shi a matsayin asara.

Ƙa'idar da ke tafiyar da wannan a ƙasashen da ke bin tsarin lissafi na ƙasa da ƙasa ita ce IAS 36. An fara fitar da ita a 1998, aka yi mata babban garambawul a 2004. Ba kowace kadara ta shafa ba. Hajar da ke ajiye don sayarwa tana ƙarƙashin IAS 2, basussukan da ake bin mutane da sauran kadarorin kuɗi suna ƙarƙashin IFRS 9, kadarar da aka ware don a sayar kuma IFRS 5 ce ke kula da ita. Abin da ya rage wa IAS 36 shi ne filaye, gine-gine, injuna, kadarorin da ba a taɓawa da hannu irin su lasisi da alamar kasuwanci, sai kuma gudwil, wato rarar kuɗin da aka biya sama da darajar kadarori idan an sayi wani kamfani.

Ba ragin tsufa da ake yi duk shekara ya riga ya ɗauke wannan nauyin ba?

Bai ɗauke ba. Ragin tsufa jadawali ne da aka tsara tun ranar da aka sayi kadarar: inji zai yi shekara 10, don haka a raba kuɗinsa gida 10, a cire kashi ɗaya duk shekara. Jadawalin bai san cewa a shekara ta uku wata sabuwar fasaha ta fito ta kashe kasuwar abin da injin ke ƙerawa ba. Gwajin faɗuwar daraja shi ke kama irin wannan sauyin da ba a yi lissafinsa ba tun farko.

Yaushe ake yin gwajin? Duk shekara ne?

Ga yawancin kadarori, a'a. Abin da aka wajabta a ƙarshen kowane zangon lissafi shi ne a duba ko akwai alamar matsala. In babu, an wuce wurin. In akwai, sai a zauna a yi cikakken lissafi.

Alamun wasu daga waje suke zuwa: farashin irin kadarar ya karye a kasuwa fiye da yadda tsufa kaɗai zai jawo, ko an kafa dokar da ta taƙaita sana'ar, ko kuɗin ruwa ya tashi. Akwai wata alama da shugabannin kamfanoni ba sa son a ambata, wato idan jimillar darajar hannayen jarin kamfani a kasuwa ta koma ƙasa da dukiyar da littafinsa ya nuna bayan an cire basussuka. Ma'anar haka ita ce masu zuba jari ba su yarda da littafin ba. Wasu alamun kuma daga cikin gida suke: inji ya lalace, an daina amfani da wani sashe na masana'anta, ko rahoton cikin gida ya nuna kuɗin da ke shigowa ya gaza kasafin da aka yi da tazara mai yawa.

Abubuwa uku ne ake gwadawa duk shekara ko da alama ko babu: gudwil, kadarar da ba a taɓawa wadda ba a yanke mata wa'adin ƙarewa ba, da kuma irinta wadda ba a fara aiki da ita ba tukuna. Kamfani zai iya zaɓar kowane lokaci a cikin shekara, muddin dai a lokacin zai riƙa yi kowace shekara.

Yaya ake gane abin da za a iya fanshewa?

Adadi biyu ake fitarwa, a ɗauki wanda ya fi girma. Na farko shi ne farashin da kadarar za ta yi a kasuwa tsakanin mai saye da mai sayarwa da ba a matsa wa kowannensu ba, bayan an cire ɗawainiyar sayarwa kamar kuɗin lauya, la'ada da kuɗin kwance inji. Na biyu shi ne darajar amfani: a yi hasashen tsabar kuɗin da kadarar za ta kawo a shekaru masu zuwa, sannan a mayar da su darajarsu ta yau.

Dalilin ɗaukar mafi girma a fili yake. Mai kadara da ke da hankali zai bi hanyar da ta fi masa riba. Idan sayarwa za ta ba shi 60, riƙewa kuma za ta ba shi 75, ba zai sayar ba, saboda haka 75 ne abin da zai fanshe. Wannan ma yana rage aiki: da zarar ɗaya daga cikin biyun ya haura darajar littafi, babu buƙatar a lissafa ɗayan.

Mene ne gudwil, kuma me ya sa ba a gwada shi shi kaɗai?

Gudwil yana shiga littafi ne kawai idan kamfani ya sayi wani kamfani. Mai saye zai ƙiyasta duk kadarorin da ake iya nunawa ɗaya bayan ɗaya a farashin ranar, ya cire basussuka. Abin da ya biya sama da haka shi ne gudwil. Ladan abubuwan da ba za a iya ware su a sayar ba ne: ƙwarewar ma'aikata, matsayi a kasuwa, ribar da ake sa ran haɗewar kamfanonin biyu za ta haifar. Wani lokaci kuma, gaskiyar magana, tsadar da mai saye ya yi ne kawai saboda zumuɗi. Sunan da kamfani ya gina wa kansa da guminsa ba ya shiga littafi, komai girmansa, kuma wannan zai dawo mana a gaba.

Tun daga 2004, da zuwan IFRS 3, aka daina zaftare gudwil kaɗan-kaɗan duk shekara. Yana nan zaune da adadinsa har sai gwaji ya nuna ya faɗi. Tunda kuwa shi kansa ba ya kawo ko sisi, sai a jingina shi ga rukunin samar da kuɗi, wato mafi ƙanƙantar tarin kadarori da ke kawo kuɗin shiga ba tare da dogara sosai ga sauran sassan kamfanin ba. Masana'anta guda, ko reshe guda, ko layin kaya guda na iya zama rukuni. Ana raba gudwil ga rukunin da ake sa ran zai amfana da cinikin, ko ga rukunoni da dama a haɗe, da sharaɗin kada abin ya fi girman sashen kasuwanci guda kamar yadda IFRS 8 ta fayyace shi.

A ba mu misali da lissafi.

Duk adadin da ke tafe a miliyoyi ne, ko da wane irin kuɗi. Wani kamfani ya sayi masana'antar robobi a kan 1,100. Kadarorinta bayan cire bashi sun kai 900, saboda haka gudwil 200 ne. Bayan shekara uku babban abokin cinikinta ya koma wani wuri, ciniki ya ja baya. A ranar gwaji littafi ya nuna gini 300, injuna 400, lasisin ƙira 100, gudwil 200. Jimilla 1,000.

An tambayi masu ƙima, suka ce za a iya sayar da masana'antar a kan 700, ɗawainiyar sayarwa kuma za ta ci 15. Hanyar sayarwa ke nan ta ba da 685.

Sai darajar amfani. Kasafin da shugabanni suka amince da shi ya nuna tsabar kuɗin da za ta rage bayan kashe-kashen aiki a shekaru biyar masu zuwa: 72, 73, 75, 77, 78. Kuɗin baɗi bai kai na bana daraja ba, saboda jira da kuma haɗarin kada ya zo. Don haka ake rage shi da wani ma'auni da ke nuna ribar da mai zuba jari zai nema kafin ya sa kuɗinsa a irin wannan sana'a. A nan an ɗauki kashi 12 cikin 100. Kuɗin shekarar farko a raba shi da 1.12, na shekara ta biyu a raba da 1.12 sau biyu, haka har zuwa ta biyar. Sakamakon ya zama kimanin 64, 58, 53, 49 da 44, waɗanda in an haɗa su da ɓurɓushinsu suka kai 269.

Masana'antar ba za ta rufe a shekara ta biyar ba, don haka ana buƙatar adadi guda da zai wakilci duk shekarun da ke bayan nan. An ɗauka kuɗin zai riƙa ƙaruwa da kashi 2 cikin 100 duk shekara:

```
78 × 1.02 ÷ (0.12 − 0.02) = 795.6
795.6 ÷ 1.12^5 = 451
```

Idan aka haɗa 269 da 451, darajar amfani ta zama 720. Ta fi 685, don haka 720 ne abin da za a iya fanshewa. Littafi ya ce 1,000. Asarar faɗuwar daraja 280 ce.

A lura da abu ɗaya kafin mu wuce: daga cikin 720 ɗin nan, 451 ya fito ne daga shekarun da babu wanda ya yi musu kasafi. Kusan kashi biyu bisa uku ke nan na amsar, kuma a kan lambobi biyu kacal ya tsaya.

To a kan wace kadara za a ɗora asarar 280 ɗin?

Gudwil ne ke fara shan duka. Ana share 200 ɗinsa gaba ɗaya, saura 80. Ragowar ana raba ta ga sauran kadarorin gwargwadon darajar kowacce a littafi. Jimillarsu 800 ce, don haka kowacce za ta rasa kashi ɗaya bisa goma: gini 30, injuna 40, lasisi 10.

Amma akwai iyaka. Ba a sauke wata kadara ƙasa da abin da ita kaɗai za ta iya kawowa, in an san adadin, kuma ba a kai ta ƙasa da sifili. A ce masu ƙima sun tabbatar ginin shi kaɗai zai yi 290 bayan cire ɗawainiyar sayarwa. Ke nan 10 kawai za a cire masa, ba 30 ba. Ragowar 20 sai ta koma kan injuna da lasisi bisa rabon 400 da 100, wato 16 da 4. A ƙarshe gini ya tsaya a 290, injuna sun rasa 56 sun koma 344, lasisi ya rasa 14 ya koma 86. In ka haɗa, 720 ne cif.

Asarar tana shiga lissafin riba da asara na shekarar. Togaciya ɗaya ita ce kadarar da aka taɓa ɗaga darajarta bisa sabuwar ƙima: ita ana fara cinye rarar da aka ajiye mata, abin da ya wuce nan ne ke tafiya lissafin riba da asara. Daga nan kuma ragin tsufa na shekaru masu zuwa zai tashi ne daga sabon adadin, wato injuna daga 344 za a ci gaba da zaftare su.

Tunda hasashe ne, ba shugabannin kamfani za su iya murɗa shi yadda suke so ba?

Nan gizo ke saƙa. Mu koma misalinmu, kada mu taɓa ko ɗaya daga cikin kuɗaɗen shekaru biyar ɗin. Mu sauke ma'aunin ragi kawai daga 12 zuwa 10. Shekaru biyar na farko sun zama 283, na bayansu ya tashi zuwa kusan 618, jimilla kimanin 900. Asara ta sauka daga 280 zuwa 100. Yanzu mu ƙara taɓa abu ɗaya, mu ce ƙaruwar dogon zango kashi 3 ce, ba 2 ba. Darajar amfani ta kai kimanin 996. Asarar da ta rage 4 ce, abin da za a iya cewa bai taka kara ya karya ba, a bar shi.

Masana'antar ita ce dai, abokin cinikin da ya tafi bai dawo ba, ko roba ɗaya ba a ƙara sayarwa ba. Lambobi biyu aka gyara a takarda, asarar 280 ta ɓace. Kuma babu wanda zai iya rantsuwa cewa 12 ce gaskiya 10 ƙarya ce, domin dukansu ana iya kawo musu hujja. Wanda ke zaɓen lambobin nan kuwa sau da yawa shi ne wanda ya jagoranci sayen masana'antar, kuma amincewa da asarar daidai yake da ya ce da bakinsa ya yi tsada. Shi ya sa ba abin mamaki ba ne a ga an share gudwil mai yawa jim kaɗan bayan sabon shugaba ya hau kujera: shi ba shi ya yi cinikin ba, kuma share shi da wuri yana sa ribar shekarunsa ta yi kyan gani.

Wannan kuma shi ne dalilin da tashin kuɗin ruwa kaɗai ke iya jawo faɗuwar daraja ko da ciniki bai ragu ba. Ma'aunin ragi yana bin kuɗin ruwan kasuwa, in ya hau, darajar yau ta sauka.

Babu wani takunkumi da ƙa'idar ta sa wa hasashen?

Akwai, kuma yana da amfani in mai binciken lissafi ya tsaya a kansa. Hasashen dalla-dalla ba ya wuce shekara biyar sai da hujja mai ƙarfi. Bayan nan ƙaruwar da za a ɗauka ta zama tsayayya ko mai raguwa, kuma kada ta wuce matsakaicin ci gaban dogon zango na sana'ar ko ƙasar da ake aiki a ciki, sai in an kawo dalili. An kuma ce a fi ba shaidar waje nauyi a kan ra'ayin cikin gida.

Mafi muhimmanci, kadarar ana auna ta ne a halin da take ciki yau. Ba a saka ribar sabon injin da ake shirin saye, ko tanadin da za a samu daga garambawul ɗin da kamfanin bai riga ya ɗaure kansa da shi ba. Kuɗin gyaran yau da kullum da ke riƙe masana'anta a kan ƙafarta kuwa dole a cire shi. Biyan bashi da kuɗin ruwansa da haraji ba sa shiga hasashen, ma'aunin ragin ma na kafin haraji ake nema. Kuskuren da aka fi samu a aikace shi ne rashin daidaito: a saka hauhawar farashi a kuɗin shiga amma a manta da shi a kashe-kashe, ko a bar shi a ma'aunin ragi alhali an cire shi daga hasashen.

Hanya mafi sauƙi ta gane hasashen da aka yi wa kwalliya ita ce a ɗauko na shekaru uku da suka wuce a gwada shi da abin da ya faru. Kamfanin da kullum yake gaza kasafinsa amma kullum sabon hasashensa yana nuna farfaɗowa daga shekara ta biyu, ya riga ya ba da amsa.

Me ya sa ake yawan cewa asarar gudwil tana zuwa a makare?

Ban da son zuciya, akwai aibi a ginin gwajin kansa. Ka tuna mun ce sunan da kamfani ya gina da kansa ba ya cikin littafi. A ce kamfanin da ya sayi masana'antar robobin yana da tsohuwar sana'a mai ƙarfi, darajarta a littafi 500, amma abin da za a iya fanshewa daga gare ta 900. Rarar 400 ke nan da ba a rubuta ko'ina ba. Idan aka haɗa tsohuwar sana'ar da sabuwar masana'anta aka gwada gudwil a kansu tare, littafi zai nuna 1,500, abin fanshewa kuma 900 da 720, wato 1,620. Gwaji ya wuce lafiya. Asarar da muka lissafa ta shige ƙarƙashin inuwar tsohuwar sana'a, kuma za ta ci gaba da fakewa a can har ranar da ita ma tsohuwar ta raunana.

Saboda haka inda aka ja layin rukuni yana iya fin ma'aunin ragi tasiri. Duk lokacin da kamfani ya sake fasalin rukunoninsa, ya haɗe mai rauni da mai ƙarfi ana dab da gwaji, ya kamata a tambayi dalili.

Kamfanin gine-gine na Birtaniya, Carillion, ya durƙushe a watan Janairun 2018 alhali rahotonsa na shekara na ƙarshe yana ɗauke da gudwil na sama da fam biliyan 1.5 da ba a sauke ba. Irin wannan ya ƙara wa masu kira a dawo da zaftare gudwil duk shekara ƙarfi. Hukumar IASB, wadda ke fitar da waɗannan ƙa'idojin lissafi na ƙasa da ƙasa, ta duba batun, amma a 2022 ta yanke shawarar ci gaba da tsarin gwaji kaɗai. A ganina kowane ɓangare yana da gaskiyarsa: zaftarewar shekara-shekara adadi ne da aka ƙaga, ba ya gaya wa kowa ko cinikin ya yi kyau, amma aƙalla ba ya barin gudwil ya shekara 20 a littafi kamar ranar da aka saye shi.

Idan al'amura suka gyaru, ana iya mayar da darajar da aka sauke?

Ga gudwil, ba a mayarwa har abada. Ko a rahoton tsakiyar shekara aka share shi, ya tafi ke nan, ko da kasuwa ta farfaɗo kafin ƙarshen shekarar. Hujjar ita ce duk ƙaruwar da aka gani daga baya ta fi kama da sabon suna da kamfanin ya gina da kansa, wanda ba a rubutawa.

Sauran kadarori ana iya mayar musu, in ƙiyasin da aka yi amfani da shi ya sauya da gaske, amma da rufi a sama. Inji ne aka saya a kan 100, zai yi shekara 10. Bayan shekara biyu yana 80 a littafi, aka sauke shi zuwa 56. Saura shekara takwas, don haka ragin tsufa ya koma 7 duk shekara. Bayan wasu shekaru biyu yana 42, sai kasuwa ta dawo, abin fanshewa ya kai 75. Ba za a kai shi 75 ba. Da ba a taɓa sauke shi ba, da yanzu yana 60, kuma nan ne iyakarsa. Abin da za a mayar 18 ne.

Tunda ko sisi ba ya fita daga asusu, mene ne abin damuwa?

Gaskiya ne kuɗi ba ya fita a ranar da aka rubuta asarar, kuma kamfanoni suna son nanata haka. Kuɗin ya riga ya fita tun ranar ciniki, yau dai aka amsa cewa ba zai dawo ba. AOL Time Warner ya bayyana asarar kusan dala biliyan 99 a shekarar 2002, mafi yawanta daga share gudwil na haɗewar da aka kammala a 2001. A 2012 kamfanin HP ya sauke dala biliyan 8.8 dangane da Autonomy, wanda ya saya shekara ɗaya kacal kafin nan.

Asarar tana kuma da tasirin da ake ji a jiki. Tana rage jarin masu kamfani a littafi, kuma yarjejeniyar bashi da banki sau da yawa tana ɗauke da sharaɗin kada bashi ya wuce wani kaso na jari ko na kadarori. In an karya sharaɗin, banki na iya neman kuɗinsa ko ya tsaurara sharuɗɗa. Sannan asarar saƙo ce cewa shugabanni da kansu sun rage abin da suke tsammani daga gaba. A watan Fabrairun 2019 Kraft Heinz ya sanar da sauke dala biliyan 15.4 daga gudwil da alamun kasuwancinsa, ya kuma rage ribar da yake raba wa masu hannun jari. Washegari hannun jarinsa ya faɗi da sama da kashi ɗaya bisa huɗu.

Haka abin yake a tsarin Amurka?

Akwai bambanci. A can gudwil yana ƙarƙashin ASC 350, ana gwada darajar littafi ta sashe da farashinsa na kasuwa, kuma asarar ba ta wuce adadin gudwil ɗin. Injuna da gine-gine suna ƙarƙashin ASC 360, inda ake fara gwada darajar littafi da jimillar kuɗin da za su kawo ba tare da an mayar da shi darajar yau ba. Wannan matakin ya fi sauƙin tsallakewa, don haka asara takan jinkirta. Kuma kadarar da ake ci gaba da aiki da ita, in an sauke ta, ba a mayarwa.

Mai karanta rahoton shekara na kamfani, ina zai duba?

Ya fara da gwada gudwil da jimillar jarin masu kamfani. In gudwil ya kai rabin jarin ko ya fi, to asara guda na iya girgiza komai. Daga nan ya nemi bayanin gudwil a cikin ƙarin bayanan da ke bayan rahoton. IAS 36 ta wajabta a faɗi adadin gudwil da ke kan kowane babban rukuni, ma'aunin ragin da aka yi amfani da shi, ƙaruwar dogon zango, da tsawon shekarun hasashe. Ya ajiye na bana kusa da na bara. Idan kuɗin ruwa ya tashi a kasuwa amma ma'aunin ragin kamfanin bai motsa ba, ko ma ya sauka, akwai tambaya. Haka in sunayen rukunonin sun canza.

Akwai kuma sakin layin da ya fi kowanne amfani. In wani sauyi mai yiwuwa a ɗaya daga cikin manyan zato zai sa darajar littafi ta zarce abin fanshewa, dole kamfani ya bayyana yawan rarar da ta rage, da kuma gwargwadon sauyin da zai cinye ta. Rukunin da aka ce ƙarin rabin ɗigo a ma'aunin ragi zai share rararsa yana bakin gaɓa, ko da bana an ce ya tsallake. A kamfanonin da ke kasuwar hannun jari, rahoton masu binciken lissafi yana da sashen muhimman batutuwan bincike, kuma in gwajin gudwil ya fito a can, sukan faɗi rukunin da ya fi ba su wahala da abin da suka yi don gwada lambobin shugabanni.